Ranar da Na Goge Rasit Ɗina

Da hannuna na ƙona hujjata, kuma da dutsen gugar aro.

Ni kafinta ne, kujerun falo nake haɗawa. Wata safiya takarda ta zo mini daga ofishin haraji. Ban kai musu bayanin cinikina na bara ba, don haka suka yi mini ƙiyasi da kansu, suka yanka mini kuɗin da ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba. Sun ce ina da kwana talatin in kai ƙorafi a rubuce, tare da hujja. In ban yi ba, abin da suka rubuta ya zauna. Na duba shagona sama da ƙasa, babu abin da zai biya wannan kuɗi sai injin yanka katakona. In injin ya tafi kuwa, sai dai in koma yi wa wasu aikin yini.

Na zazzage aljihun tebur da gwangwanin ƙusa, na tsinto rasit kusan arba'in, duk sun cukurkuɗe. Na ce ba zan kai wa hukuma takarda kamar an ƙwato ta daga bakin akuya ba. Na leƙa shagon maƙwabcina mai wanki da guga, na ari dutse, ban faɗi dalili ba. Na jera rasit ɗin a kan benci, na bi su da dutsen sau ɗaya, cikin gwaninta. Da na ɗaga, duk waɗanda na'ura ta buga, 'yan siraran nan masu santsi, sun koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Mai dutsen shi ne dattijon da layinmu ke kira Baba Rasit. Kunyar ita ce ni na laƙaba masa sunan.

Ya kai shekara sittin da ɗoriya, siriri ne, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Da ƙuruciyarsa ya yi shekara goma sha biyu yana guga a wani babban gidan wanki. Maigidansu mutumin kirki ne, amma komai a ka yake riƙewa. Da aka zo binciken haraji aka ce ya nuna abin da ya kashe a kan sabulu da wuta da albashi, ko takarda ɗaya babu. Aka yi gwanjon injuna, ma'aikata suka watse. Baba ya fito da dutsen guga ɗaya da mata da 'ya'ya huɗu. Bai cika ba da labarin ba, daga matarsa matata ta ji.

Tun da ya buɗe nasa shagon, ko sitaci ya saya sai ya ce a rubuta masa. A cikin kabad ɗinsa ya ɗaura igiya, ya jera abin maƙale shanya guda goma sha biyu, kowane wata da nasa. Ƙarshen wata ya kwashe rasit ɗin ya kai a yi masa kwafi, don ya san na na'ura kan koɗe. Sabulun gida dabam yake saye, ba ya haɗa shi da na shago. Ni kuwa in majalisa ta cika sai in ɗaga murya: “Baba, an yi atishawa a shagonka, ka karɓi rasit?” A fashe da dariya. Shi dai ya ci gaba da gugarsa, wani lokaci ya ce, “Kafinta, ka riƙa ajiye takarda.” In ce masa kaina ya fi kabad ɗinsa tsari.

Da ya zo karɓar dutsensa ya same ni tsaye a kan benci. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta saitin haske.

“Wannan fa?”

“Rasit ne, Baba.”

“Dā dai.”

Na so ƙasa ta tsage. Na miƙa masa takardar ofis, ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

“Kujerar da ka sayar, kuɗin duk naka ne?”

“Ina fa! Katako, soso, yadi, ladan mai ɗinki. Abin da ke saura bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.”

“To a kan wannan sauran ake biyan haraji. Amma su ba su ga katako ba, ba su ga soso ba. Bakinka kuma ba hujja ba ne. Rufe shago mu tafi.”

Kwana uku dattijon nan yana barin kayan mutane a jiƙe yana bi na. Mun fara da banki, muka karɓo bayanin asusuna na shekara. Mai soso yana da kwamfuta, ya sake buga mana nasa. Mai yadi ya ce shi bai san zancen ba, sai da Baba ya nuna masa ranakun da na tura masa kuɗi. Ƙusa da gam da kuɗin dako, waɗanda na biya hannu da hannu, sun tafi ke nan.

A wurin mai katako na tafka abin da har yau nake jin nauyinsa. Yana da littafin rasit mai kwafi a ƙasa, yana buɗewa yana nemo nawa. Na sunkuya na ce masa a hankali, tunda ƙananan sun ɓace, ya ƙara mini lodi biyu da ban saya ba. Ashe Baba ya ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “In suka haɗa takardarka da littafinsa suka ga bambanci, ku biyu za a kama. Mutumin yana taimakonka, kai kana haƙa masa rami.” Mai katako ya kawar da kai. Na karɓi na gaskiyar kawai, muka koma shago.

A rana ta ashirin da shida cikin talatin ɗin muka kai ƙorafin. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya tana haɗa su da bayanin banki. Masu hujja ta cire su daga cinikin. Marasa hujja ta ce sai haƙuri. Kuɗin makarantar 'ya'yana da na cusa a ciki ta zare shi gefe, ta ce wannan hidimar gida ce, ba ta sana'a ba. Baba ya dube ni, na dubi silin.

Bayan sati biyu sabuwar takarda ta fito. Harajin ya sauko ƙasa da rabi, amma ga tarar rashin kai bayani a kan lokaci. Injin ya tsira. Babur ɗina ne bai tsira ba, na sayar na biya, na karɓi rasit da hannu biyu.

Da na dawo a ƙafa, gumi har cikin takalmi, na tarar da majalisa ta cika a ƙofar shagon Baba, yana ta fama da tulin kayan guga. Godiya na zo yi. Amma hali zanen dutse, ina ganin mutane sai bakina ya riga ni.

“Baba, kai ma da laifinka. Da ka zaunar da ni ka yi mini bayani tun farko, da yanzu ina kan babur ɗina.”

Ya ajiye dutsen a kan mazauninsa, ya dube ni ta saman tabarau.

“Shekara bakwai ina faɗa maka, kana ba mutane dariya da ni. Ai da ka tattara dariyar ka kai ofis, ka ga ko nawa za su rage maka.”