Baitin Albasa

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina saurayi ina ɗinki a kasuwar Madawa. Ƙafata na kan keke, hankalina kuwa yana cikin ƙananan littattafan hikaya da fatake ke kawowa daga Sakkwato. Na karanta su har na ɗauka kowace budurwa dole a kwatanta ta da farin wata ko barewa, in ba haka ba an ci amanarta.

Akwai yarinyar da nake so a wani ƙauye wajen Galma. Gidansu manoman albasa ne. Na jima ina zuwa zance, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Sai na yanke shawarar yi mata waƙa in rera mata a gaban gwaggonta, in ji amsata a ranar. Na zauna na tsara baiti goma sha biyu, ƙwar biyu, amsa-amonsu "sa". Sha ɗaya daga ciki wata ne da taurari da barewa. Guda ɗaya, na bakwai, ya faɗo mini ne ranar da na same ta tana dashe a fadama, ta miƙo mini ruwa da hannu duk laka.

A lokacin muna da wani zama duk Lahadi bayan la'asar a zauren mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Kowa ya kawo waƙarsa. Dokar mushe ita ce, mai waƙa ya rera sau ɗaya, wani ya karɓa ya sake rerawa, daga nan mai waƙa ya kama bakinsa har kowa ya gama magana. Ba kare kai, ba "abin da nake nufi shi ne".

Na rera tawa ina lumshe ido. Wanda ya karɓa shi ne wani malami ɗan Azarori, wanda ya taso tsakanin shanun ubansa da waƙoƙin ajami. Ya tafi sumul har baiti na bakwai, nan muryarsa ta yi tuntuɓe. Ya ajiye takardar.

"Tela, waƙarka ta yi kyau, amma wanga baiti na albasa ka hidda shi. Muna sama tare da wata, ka jeho mu cikin miya."

Abokina da ke aikin jinya a asibitin mishan, mai jan waƙa a majami'arsu, ya yi dariya har ya buga cinya.

"Malam, ai ni barci nike sai da munka kai ga albasa. Shi kaɗai ne baitin da ke numfashi. Tela, zubar da sauran, bar wanga."

"Kai da ka saba da warin magani, mi ka sani ga ƙanshi?"

"Kai kuma na shanu ne gwaninka."

Aka yi ta yi, zauren ya rabu biyu. Ni ina zaune baki a rufe, kamar wanda ake cinikin akuyarsa a gabansa.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowane tela zai yi: faci. Na cire albasa na sa furen fadama don malam ya ji daɗi, na rage taurari biyu don ɗan asibiti kada ya yi barci. Lahadi ta zagayo na rera. Malam ya ce, "To, ba laihi." Abokina ya ce, "Babu laifi." Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Makon jiya mutane na neman dambe a kan waƙata, yau suna kallon ƙofa.

Da aka watse mushe ya tsayar da ni. Ya ce, "Ƙanena, kowannensu magani ya ba ka, kai kuma ka haɗa ka sha duka. Ba ka tambayi inda ke ciwo ba. Koma ga ta fari. Kada ka tambaye su mi za ka yi. Tambaye su mi ya same su lokacin da suka ji."

Na sami malam ranar kasuwa. Na ce ya sake rera mini baitin yadda na fara rubuta shi. Ya rera yana buga yatsa a gwiwa, ya sake tuntuɓe a wuri ɗaya. Ɗango na farko ya fi karin waƙar tsawo, na cusa kalmomi kamar mai cusa kaya a buhu. Ya ce ban da haka, baiti shida na saba masa da sama, ba abin da ya shirya shi ga laka. Na tambaye shi, in na gyara karin fa? Ya ce, "Bakina zai yarda. Hancina dai ba shi yarda."

Abokina kuwa na tare shi a bakin asibiti. Ya ce shi bai ma lura da karin ba. Abin da ya same shi, a baiti shida na farko bai ga kowa ba, a na bakwai sai ya ga mutum tsaye a gabansa. "Waɗancan kana iya rera ma kowace ɗiya tsakanin nan da Keita. Wanga ita ɗai ce."

A hanyar komawa, bisa jakin aro, na jera maganganun. Karin da ya karye gaskiya ne, aikina ne in gyara. Faɗowar baitin ba shiri gaskiya ce. Cewa sauran ba su da fuska, ita ma gaskiya ce, duk da ta yi zafi. Su biyun wuri guda suka nuna da yatsa: baitin ba ɗan gidan sauran ba ne. Saura abu ɗaya da ba wanda zai yanke mini, ko albasa ta cancanci shiga waƙar so. Wannan ra'ayi ne, kuma ni zan tsaya gaban gwaggo.

Na cire wata daga waƙar, da kuka a zuci, don na sha wahalarsa. Na mayar da baitin albasa farko, na daidaita karinsa, na yi masa 'yan'uwa daga fadamar: rijiyar da take jan ruwa, zanen da take ɗaurewa sama da gwiwa, yadda take korar awaki da dariya. Barewa ɗaya na bari a ƙarshe, don ni ma ina da haƙƙi.

Ranar da na je, gwaggo na tsinkar zogale a gindin bango. Na gyara murya na fara:

Hannunki na ƙanshin dashen albasa,
Shi na fi so bisa duk turaren ƙasa.

Gwaggo ta saki dariya har ganye ya zube. Yarinyar ta kai hannunta hanci ta sunsuna, ta harare ni.

"Wato wari nike yi, tela?"

Na ce a raina malam ya yi gaskiya. Na daure na kai ƙarshe, ita tana wasa da bakin zanenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sake na farin nan. Gwaggo ta hana ni ji."

A ranar bikinmu malam ne ya tashi ya rera waƙar, don muryarsa ta fi tawa. Ya wuce baitin albasa sumul, ba tuntuɓe, amma da hanci a yamutse. Ɗan asibiti na gefe yana nuna shi yana dariya.

Tun daga nan, in mutum biyu suka yi faɗa a kan baitina, murna nake yi, in matsa kusa in ga inda yatsunsu suka haɗu. Gyaran da ya shafi kunne nakan karɓa da godiya. Wanda ya shafi hanci nakan yi shawara da kaina. Malam har ya tsufa bai sauya ra'ayi ba, ni ma ban nemi ya sauya ba.

Ita kuwa har yau in tana yanka albasa a tsakar gida, takan miƙo mini hannu ta ce, "Tela, zo ka sha turarenka." Ni kuma in ajiye abin da nake yi in je.