Kumburin da Aka Ɗora wa Guduma

Guduma ake kiransa a gareji, kuma ba sunan wasa ba ne. Tun yana yaron mota da hannu yake magana. Ya karya hancin direba, ya taɓa shaƙe maigidansa a kan sifana. Matarsa ce kaɗai ko yatsa bai taɓa nuna mata ba, amma wa zai yarda? Hali zanen dutse, in ji mutane.

Haƙorinta na ƙasa, na can ciki, ya yi kogo. Ta daɗe tana fama, sai ciwon ya yi shiru, har suka yi hamdala. Ashe jijiyar haƙorin ce ta mutu ta ruɓe, mugunya ta taru a saiwa, ta huda ƙashi ta gangara ƙarƙashin muƙamuƙi. Zazzaɓi ya rufe ta. Kumburi ya sauko wuya, tauri kamar katako, ya tura harshenta sama. Baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya ƙi haɗiyuwa.

Maƙwabciya ta leƙo, ta ga fuska, ta kira yayan matar ta ce an kusa kashe masa ƙanwa.

Guduma ya aro mota ke nan, yana ɗaura wa matarsa ɗankwali, yayan ya banko ƙofa da guntun bututun ƙarfe. Bai tambayi komai ba, ya sauke masa a gadon baya.

"Yaya, haƙori ne. Bari in kai ta asibiti."

Duka na biyu ya fasa wa Guduma goshi. Ya daure, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ita kuwa tana jingine da bango tana son ta wanke mijinta, ba bakin magana. Yayan ya tare ƙofa, ya rantse ba za a fita da ita a ɓoye shaida ba.

Sai Guduma ya ji numfashinta ya fara fito, siriri, kamar iska na fita daga taya. Tsoro ya kama shi. Naushi ɗaya ya yi, yayan ya zube a kan murhu, muƙamuƙi a karye. Ya tsallake shi da ita a kafaɗa, jini na shiga masa ido.

A asibiti likita ya ce kumburin ya kusa toshe maƙogwaro. Aka zura mata bututun numfashi, aka tsaga ƙarƙashin haɓa mugunya ta fita, aka cire haƙorin, aka ɗaura mata ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yayan kuwa yana ɗakin gaba, an ɗaure masa haƙora da waya.

Ran da aka zare bututun, Guduma ya matso da murna ya ji muryarta. Ta dubi ɗinkin goshinsa, ta dubi kumburarren hannunsa. Murya a dishe ta ce, "Yayana ne fa."

Ya sunkuyar da kai, ya ɓoye hannun a bayansa.