Fiyanon ƙanena

Ƙanena ya sayar da ragonsa bayan kaka ya sayo tsohon fiyano a Kano, irin mai aiki da batir. Burinsa ya zama mai haɗa kiɗa a situdiyo. Baba bai so ba ko kaɗan. Gonarmu ba ta da girma, amma hannu take ci, ni kuma ɗinki ya riga ya ɗauke ni.

Don ya shawo kan Baba, sai ya nuna masa wani bidiyo a waya. Wani matashi ne, yatsunsa na gudu a kan fiyano, yana cewa duk wanda ya biya kuɗin darussansa na intanet, cikin wata uku zai yi kiɗan biki. Baba ya kalla har ƙarshe, ya ce, "To, gero ma wata uku yake yi. Na ba ka rani. In ruwa ya sauka ba ka iya ba, a sayar da abin nan a sayi taki."

Ni dai bidiyon bai kwanta mini ba. Iya kiɗa daban, iya koyarwa daban. Na sa ƙanena ya tura wa mutumin tambayoyi: wa zai duba yatsunsa idan ya yi kuskure, kuma ko za a ba shi darasi ɗaya ya gwada kafin ya biya. Amsar da ta zo lambar asusu ce kawai. Ga shi a ƙauyenmu sai ka je bakin titin Tofa kafin bidiyo ya buɗe.

Sai aka kwatanta mana wani malami a Ungogo, muka je tare. Shagonsa ɗan ƙarami ne, shi kuma ba shi da fara'a. Bai kaɗa mana komai don burgewa ba. Ya zaunar da ƙanena, ya ce ya taɓa fiyano, ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya ɗaga masa wuyan hannu, ya lanƙwasa masa yatsu, ya sa shi tafa hannu yana bin ƙidaya. Na ce, "Malam, ko za mu ji ɗalibinka da ya yi wata uku?" Ya kira wani magidanci, mutumin ya kaɗa mana wata waƙa a hankali, har da tuntuɓe ɗaya.

"Abin da za ka samu ke nan," in ji Malam, "in kana taɓawa kullum ko da rabin awa ne. Za ka san maɓallanka, hagu ta riƙe ƴan sautuka, dama ta ja waƙa biyu ko uku masu sauƙi. Biki kuwa, a yi maganar shekaru. Ka biya wata-wata, in ban yi maka ba ka tafi."

Na yarda da shi nan take, don ni ma a wata ukuna na farko ɗinkin miƙe kawai na iya. A mota na ce wa ƙanena ya gaya wa Baba gaskiyar lamarin. Ya ce, "Yaya, in na faɗa yau, gobe za a sayar da shi. Bari dai na dage."

Ya kuwa dage. Yana zuwa Ungogo duk mako, sauran kwanaki yana ƙarƙashin darbejiya bayan la'asar, yana maimaita abu ɗaya har matan gida suka haddace suna tsokanarsa da shi. Hannu biyun ne suka fi ba shi wuya, da dama ta tashi sai hagu ta tsaya. Wata rana hannayen suka tafi tare, ya zo shagona da gudu yana dariya.

Da hadari ya fara haɗowa, Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ƙanena ya kaɗa waƙoƙinsa uku, a hankali, tsaf. Ni na san irin wahalar da ke cikinsu. Baba ya jira, yana zaton somin-taɓi ne.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ba haka na wayar nan yake yi ba."

Na yi bayani iya yina, na ce wancan talla ne, wannan shi ne daidai ga mai wata uku. Baba ya ce shi abin da aka nuna masa ya sani, kuma a kansa aka yi magana. Ba mugunta ba ce, gona ce ke jiran taki. Amma na ji haushinsa, na fi jin haushin wancan mai bidiyon da ko sisi bai ci namu ba, ya kuma cuce mu.

Aka sa fiyanon a kasuwa. Wanda ya zo saye ya ce a gwada masa ya ji ko yana aiki. Ƙanena ya kaɗa masa waƙar da ya fi so, ya goge maɓallan da gefen rigarsa, ya miƙa.

Masarar da aka zuba wa takin ta yi kyau a shekarar. Da na haɗu da Malam daga baya, ya tambaye ni ina ɗalibinsa mai kunne, na ce yana gona. Har yanzu in muna cin tuwo nakan ga yatsunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwarsa, lanƙwashe yadda aka koya masa. Da ya ga ina kallo sai ya dunƙule hannun.