Rabin Ribar Wake

Hannunta na fara gani. Hannu ne mai lalle, yana shafe kan tiyar wake a kasuwar Dogon Dutsi, a hankali kamar mai lallashin jariri. Lokacin ban daɗe da gama karatun lissafin kuɗi ba, kaina cike da littattafan soyayya, har na yanke cewa wannan hannun wata rana zai miƙo mini ruwa a gidana.

Bazawara ce. Yayanta ne ya bar mata mangaza, shagon ajiye wake, bara ya koma noma Ɗan Kassari, bisa sharaɗin a raba riba biyu. Da kaka ta zo ya iso da amalanke, ya ga buhuna har rufi, ya ce ta fito da rabonsa ko ta ba shi makulli. Dattijon 'yan wake ya kira ni in yi musu lissafi, ni da 'yan kasuwa ke ce wa Mushe, wato malamin boko.

Babu littafi. Rasit biyu ko uku ne cikin gwangwani, sai zanen gawayi a bango na masu bashi. Na ce musu ba zan iya bin kowace tiya ba, amma zan auna dukiyar farko da ta ƙarshe.

Ranar da ya bar mata mangazar, su biyun sun yarda, akwai wake na sefa jika ɗari uku, kuɗi hamsin, bashin da ake bin mutane hamsin. Wani manomi yana bin su ɗari. Saura ɗari uku. Yau kuwa na ƙirga buhuna a farashin da aka sayo su, ɗari shida, kuɗi sittin, bashi casa'in, ana bin ta ɗari da hamsin. Saura ɗari shida.

"To, ga ta nan," in ji yayan. "Ribar ɗari uku. Ba ni ɗari da hamsin."

"Tukuna," na ce. "Abin da aka ɗiba aka kai gida, shi ma riba ne. Sai a mayar da shi cikin lissafi."

Ya yi dariya. "Hwaɗi masa, ƙanwata. Mi kika ci?"

Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba: cefane, magani, kuɗin lakwal, wato makarantar 'yarta, jika ɗari da ashirin. Zuciyata ta yi nauyi, don a littattafaina saurayi ba ya ƙara wa masoyiyarsa bashi. Sai ta ƙara da cewa, "Da buhunan da ka aiko aka kai maka da damina, Yaya. Na tamanin."

"Wannan zumunci ne."

"Nawa ci, naka zumunci?"

Dattijon ya ce in rubuta. Ɗari uku da ɗari biyu, ɗari biyar. Na tambaya ko wani ya zuba sabon kuɗi daga aljihunsa. Ta ce saniyarta ta aure, wadda ke kiwo wajen Fulani, ta sayar da ita ɗari biyu da sittin ta sari wake, dillalin yana nan da rai. Na cire. Riba ɗari biyu da arba'in, kowa ɗari da ashirin. Ita ta cinye nata. Shi saura masa arba'in, bayan jarinsa.

"Saniyar daga garken ubanmu ta fito," ya ce.

"Uban ya ba ta," in ji dattijon. "Ina wurin."

Ban ga tashin yayan ba. Tiyar ƙarfe ce ta sauka a bakina, na ji haƙori ya karye, jini ya cika mini harshe. Na faɗi kan sikeli. Ya taka takardata, ya shure ni a haƙarƙari, yana cewa, "Mushe mai alƙalami, nawa ta biya ka? Ko da wani abin ta biya?" Ya ture dattijon, rawaninsa ya warware. Sannan ya zare wuƙa daga damtsensa ya shiga farke buhuna ɗaya bayan ɗaya, wake yana tsiyaya, mutane suna zamewa a kai.

A nan ne ya kamata in tashi, kamar yadda jarumai ke yi. Ina ƙasa ina neman numfashi. Ita ce ta sha gabansa a buhu na gaba.

"Wannan na saniyata ne, Yaya."

Ya ɗaga wuƙar, ta damƙe kaifin da hannun dama. Ya fizge. Jinin ya zubo kan lallen har ba a bambance su, ya ɗiga kan farin wake. Ba ta yi kuka ba. Shi ne ya tsaya yana kallon wuƙar, har mahauta suka danne shi, jandarma suka zo.

A gidan likita aka ɗinke mu, benci ɗaya. Na shirya kalmomi masu daɗi, leɓena ya kumbura. Ita ta fara magana: "Mushe, waken da ya zube, lissafin wa zai shiga?"

Ta ƙi kai ƙara. Ta sayar da abin da aka tsince, ta biya manoma, ta miƙa masa jarinsa da arba'in ɗinsa gaban dattijon, asarar ta hau kanta. Makullin dai ta riƙe.

Shekaru bayan haka na same ta a mangazar, ta auri wani mai sayar da taki daga Dumega. Yatsu biyu na hannun daman ba sa lanƙwashewa. Da hagu take shafe kan tiya, kuma ba ta ƙara haɗa jari da kowa ba.