Ƙuli-ƙulin Kubura da Awarwaron Goggo Zulai

Duk wanda ya zauna Gwandu ya san ƙuli-ƙulin Kubura, ko da bai san fuskarta ba. Mace ce gajera, mai saurin hannu da nauyin baki. Tana yarinya ƙanwar babanta, Goggo Zulai, ta koya mata suyar gyaɗa, da murje ɓawo, da matse mai daga tunkuza. Shekara ashirin tana yi a tsakar gida, tana ƙullawa a leda, maƙwabta na saye.

Wata rana mijinta Ɗahiru ya kai wa wani mai babban shago a Kalgo ɗanɗano. Mutumin ya cinye ƙulli biyu a tsaye, ya karkaɗe gemu, ya ce zai riƙa ɗaukar kwali-kwali, amma sai da lambar hukumar abinci a jikin leda.

Kubura ta ɗaura ɗamara. Aka yi rajistar sunan sana'a. Ɗakin ajiya na bakin zaure ya sha tayil, tagoginsa suka sha raga, aka kafa wurin wanke hannu a ƙofa. Ita da masu taya ta biyu, Nafisa da Mubaraka, suka je asibiti aka auna lafiyarsu. Ta sayi sikeli da injin liƙe leda. Aka buga takarda mai suna da adireshi da nauyi, da ranar yi, da ranar da zai daina ciyuwa.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba: Goggo. Kullum da hantsi tsohuwar za ta shigo, sallamarta a ƙofa ƙafarta a ciki, ta zauna ta tsoma hannu a tunkuza, ta kai baki, ta ce gishiri bai ji ba, ta mai da hannun ta kama mulmula. A wuyan hannun nan akwai awarwaron azurfa uku, a yatsu zobba biyu, tun na aurenta.

Haka jami'ar dubawa ta same su ranar da ta zo daga Birnin Kebbi. Ta yaba ɗakin, ta yaba yadda ake tsince gyaɗa mai fumfuna. Sai ta durƙusa ta gaida Goggo.

"Mama, kina cikin ma'aikata?"

"Ni? Ni na haifi aikin."

Jami'ar ta yi murmushi, ta rubuta. A waje ta yi wa Kubura bayani: ba mai shiga ɗakin sai mai takardar gwaji, kai a rufe, hannu a wanke, ba zobe ba awarwaro, domin datti na maƙalewa a ƙarƙashinsu. A gyara, za su dawo. Sai sun gamsu za su ɗauki samfur zuwa awo.

Kwana uku Kubura na zuwa gidan Goggo, ta gaishe ta, ta tambayi ƙafa, ta tambayi awaki, ta dawo da maganarta a baki. Ɗahiru ya ce shi ba ruwansa, ya taɓa yi wa Goggo gardama sau ɗaya, har yau yana jin kunnensa. A rana ta huɗu ta faɗa, idonta a tabarma.

"Mi kika ce? Hannun da ya ba ki tuwo ne ƙazami?"

"Wane ni, Goggo. Awarwaron ne suka ce…"

"Awarwaron sun girme su. Tashi ki je ɗakinki na asibiti."

Kwana tara Goggo ba ta leƙo ba. Aiki na tafiya, gishiri ana auna shi a sikeli, babu mai cewa bai ji ba, amma Kubura ta rame. Ta ce wa Ɗahiru in lambar nan sai da fushin Goggo za a same ta, a bar ta. Duk da haka ba ta sassauta dokar shiga ɗakin ba. Kowace suya dai sai ta ɗebi na farko a faranti mai murfi ta kai wa Goggo da kanta. Faranti na dawowa wankakke, babu saƙo.

Ranar Talata ana tsakiyar mulmula aka buga ƙofa da sanda. Goggo ce, takarda a hannu, wuyan hannunta fari sol inda rana ba ta taɓa gani ba. Da sabulu aka zare awarwaron da zobban, in ji ta, sai da aka kira maƙwabciya ta ja.

"Ungo. Jini, fitsari, har abin da ba a faɗi sun karɓa. Likita ya ce na fi ki lafiya. Ba don ke na yi ba, ƙuli-ƙulin ne ke zuwa min salam, mutuncin gidanmu zai zube a Kalgo. Ina hular taku ta mahaukata?"

Nafisa ta ɗora mata a kan ɗankwali, tana cije leɓe kada dariya ta ƙwace mata. Kubura ta tsaya a kanta har ta wanke hannu zuwa gwiwa, ta miƙa mata cokali: daga yau da shi ake ɗanɗano, kuma ba ya komawa cikin kwano. Goggo ta harari cokalin kamar ya zage ta, ta karɓa.

Jami'ar ta dawo, ta ga takardu huɗu, ta ɗauki samfur. Bayan watanni lamba ta fito. Kwalin farko da aka ɗora a mota zuwa Kalgo, Goggo ce ta zauna kusa da shi, wai kada direba ya farfasa mata aiki.