Sunan da Na Raɗa wa Birkin Yaya

Atamfa nake sayarwa a intanet. Mata kan shigo ba su san abin da suke so ba, sai hoto mai kyau da suna mai daɗi su tsayar da su. Da yayana ya kwanta ciwo, na ɗora kayan mota na shagonsa da ke Mando, na raɗa wa birki "Kwanciyar hankalin direba". Wata uku babu wanda ya kira. Ashe bakanike ba ya yawon kallo. Sunan mota da shekararta da lambar kayan yake rubutawa ya nema, ni kuwa don wauta ban sa ko ɗaya ba. Na gyara, amma kiran mai saye na farko a zaman makokin Yaya ya same ni.