Man Shanun Raudatu

Faɗan Raudatu na farko da Goggo Yabo, ƙanwar babanta, a kan saƙon imel ne. Raudatu bazawara ce a Malumfashi, da man shanun da take tallatawa a waya take ciyar da 'ya'yanta. Goggo ke soyawa, ita tana ɗurawa a robobi, Maiwada direba, ɗan Goggo, ya kai tashar Funtua ya damƙa wa motar Abuja. Can kayan ke kwana har mota ta cika, a danne su da buhunan masara.

Sai wani kamfanin jigila da ba ta taɓa ji ba ya rubuto mata. Sun ce sun san masu sayarwa a intanet na fama da jinkiri da fashewar kaya, su har gida suke ɗauka, su ba da lambar bin sawu.

"Goggo, mu gwada su mana."

"Ɗan wa ne kamfanin? Kin san ubansa? Ɗana ne bai ishe ki ba?"

Raudatu ta yi ta karanta saƙon, kunyar Goggo ta hana ta amsa wa kamfanin.

Wata Hajiya a Abuja, wadda ita kaɗai ta rage cikin masu saye, ta yi odar man biki. Aka bi da shi ta tasha kamar kullum, ya isa bayan an watse, rabinsa ya tsiyaye a kwali. Ba ta sake kira ba. Kafin kaka Raudatu ta sayar da wayar ta auno hatsi.

Ranar da za ta koma gidan yayanta a Dayi, Goggo ta leƙo ɗaki.

"Ke, robobin nan da suka rage, bar mini su in zuba daddawa."